Takardar wasiyya ta fito bayan sadakar bakwai: yaya za a karanta wa magada, kuma wa zai samu me?

Habu Ringim: Assalamu alaikum malamai da iyayenmu na wannan zaure. Wani dattijo ne a ƙauyenmu aka bar wa wasicci, ba ya riƙe babbar waya, shi ne ya ce in kawo muku maganar. Amininsa ya rasu kwana goma da suka wuce. Ya bar mahaifiyarsa da ranta, mata biyu, 'ya'ya maza uku da mata huɗu. Autan namiji ne ɗan shekara 11, akwai kuma yarinya 'yar shekara 14, ɗaya daga cikin manyan yana ci-rani a Legas. Akwai jikoki biyu, mace da namiji, waɗanda ubansu ya riga marigayin rasuwa. Shekara biyu da suka wuce, yana cikin ƙoshin lafiya, ya sa aka rubuta masa takarda da ajami a gaban shaidu biyu. Abin da ke ciki: fadamarsa ta jikokin nan ce, shanun huɗarsa biyu a sayar a sa a ginin masallacin unguwa, gidan da yake ciki "na riga na ba Auta kyauta", kuma amarya tana binsa cikon sadaki. Dattijon yana so ya tara iyali ranar Juma'a. Ta ina zai fara?

Sani Dillali: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙansa. Ai wannan ba ta da wahala, Malam Habu. Tunda mutum ya rubuta yana da hankalinsa kuma akwai shaidu, abin da ya rubuta shi za a bi. Jikoki su ɗauki fadama, Auta ya ɗauki gida, a sayar da shanu, abin da ya rage a kira malami ya raba. Canza wasiyya zunubi ne babba, yana nan a Baƙara.

Malam Nasiru Gaya: Amin. Alhaji Sani, ayar da ka ambata gaskiya ce, aya ta 181 a Baƙara, amma ka tsaya da wuri. Ayar da ke bin ta ta ce wanda ya ga karkata ko laifi a wasiyya ya gyara tsakanin mutane, babu laifi a kansa. Takardar mamaci ba ta fi ƙarfin shari'a ba. Abin da mutum yake da iko a kansa bayan ransa sulusi ne kawai, kashi ɗaya cikin uku, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma ba ya halatta ya ba wanda zai gaje shi.

Shawarata ta farko ga dattijon: kada ya karanta takardar nan a gaban taro kafin ya yi lissafi. Idan aka karanta "gida na Auta ne" uwar Auta ta ji da kunnenta, daga baya aka dawo aka ce mata ba haka ba, za ta ɗauka an haɗa baki ne an ƙwace wa maraya. Ya fara sanin abin da aka bari da abin da ake bin mamaci, ya nuna wa malamin fara'ili, wato masanin rabon gado, ko alƙali takardar, sannan ya tara mutane ya karanta tare da bayanin hukuncin kowane layi a zama ɗaya.

Malam Habu, kawo mana jerin dukiyar da kimarta, da basussuka.

Habu Ringim: Ga abin da ya ba ni, kimar da dillalai biyu da mai unguwa suka yi. Gida N3,000,000. Gonar tudu N3,600,000. Fadama N2,400,000, amma tana jingine a hannun wani a kan N600,000. Shanun huɗa N1,600,000. Hatsin da ke rumbu, gero da dawa, N700,000. Kuɗi a banki N500,000. Duka N11,800,000. Bashi kuma, ban da jinginar: mai taki yana bin N250,000, cikon sadakin amarya N100,000. Likkafani da haƙar kabari da sauransu sun ci N50,000, babban ɗan ne ya biya daga aljihunsa ya ce a mayar masa. Sannan an kashe wajen N180,000 a abincin zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai.

Malam Nasiru Gaya: Madalla. Tsarin da Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shaihu Halil, ya jera shi za mu bi, kuma ba a tsallake mataki. Na farko haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, wato jinginar fadama. Na biyu kuɗin jana'iza gwargwadon al'ada ba almubazzaranci. Na uku sauran basussuka. Na huɗu wasiyya daga sulusin abin da ya rage. Na biyar gado.

Jingina 600,000, jana'iza 50,000, mai taki 250,000, amarya 100,000, sun tashi miliyan ɗaya cif. An cire daga 11,800,000, saura 10,800,000. Daga wannan ake fitar da sulusi, ba daga jimlar farko ba, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sulusin shi ne 3,600,000.

Yanzu a duba abin da ya yi wasiyya da shi. Fadama 2,400,000, shanu 1,600,000, sun zama 4,000,000. Ya haura sulusi da 400,000. Ba za a ce wanda aka fara ambata a takarda ya cika hannunsa na biyu ya ɗauki ragowa ba. Ragewa ake yi wa kowa daidai da girman rabonsa. 3,600,000 kashi tara ne cikin goma na 4,000,000, to kowa ya samu tara cikin goma na abin da aka rubuta masa: jikoki 2,160,000, masallaci 1,440,000.

Kuɗin abincin makoki ban sa shi ba da gangan. Ba ya cikin jana'iza. Wanda ya ba da umarnin a dafa shi zai ɗauka, ko manyan magada su raba a tsakaninsu in sun yarda. Ko ƙwandala ba za a ɗora wa Auta da yarinyar nan ba. In kuma daga rumbun marigayi aka ɗebi hatsin, a ƙiyasta buhu nawa ne a rubuta a kan manya.

Hajiya Rabi Dutse: Malam, kafin ka wuce zuwa gado. Akwai tambayar da maza ba sa tunawa da ita sai an gama rabo: an tambayi matan nan biyu ko akwai mai juna biyu? A mazhabarmu in akwai ciki, rabon gado tsayawa yake sai an haihu, domin namiji ko mace ko tagwaye kowanne yana canza lissafin 'ya'ya gaba ɗaya. Wasiyyi ba zai iya shiga ɗakin mai takaba ya yi wannan tambayar ba. Ya aiki dattijuwa guda, yayar marigayi ko ungozoma, ta tambaye su a keɓe, kuma in mace ta ce ba ta tabbata ba a jira ta ga al'adarta.

Abu na biyu, lokacin ƙirga kaya a ware na matan. Gadonta, katifarta, kwanukan jerenta, akuyoyin da ta saya da kuɗin sana'arta, gayaunar da take nomawa in tata ce, duk ba sa shiga tarika, wato dukiyar da mamaci ya bari. Sau da yawa awakin gida ake haɗawa a ce na maigida ne don a turkensa suke kwana.

Habu Ringim: Hajiya na gode, wallahi ba a yi wannan tambayar ba. Zan gaya masa yau. Awaki kam ba a sa su ba, kowa ya san na uwargida ne.

Ibrahim Kafin Hausa: Ni dai abin da ban gane ba, me ya sa ake wahalar da jikoki da maganar wasiyya? Ba rabon ubansu za a ba su ba? A danginmu haka aka yi, da kakanmu ya rasu aka ba 'ya'yan kawunmu abin da ubansu zai samu.

Malam Nasiru Gaya: Malam Ibrahim, abin da aka yi a danginku alheri ne na magada, ba gado ba ne. Sharaɗin gado shi ne magaji ya kasance da rai lokacin da mai dukiya ya cika. Ubansu ya riga shi tafiya, saboda haka ba shi da rabon da zai sauko wa 'ya'yansa, su kuma 'ya'yan marigayi maza sun katange su. Ƙasar Masar ta yi doka a 1946 da ta wajabta a fitar wa irin waɗannan jikoki wani abu daga sulusi ko kakan bai yi wasiyya ba, amma ba da ita kotunanmu suke aiki ba. A nan sai kaka ya yi da kansa. Ko da cewa ya yi "na saukar da su a matsayin ubansu", malamanmu wasiyya suke ɗaukarta, daga sulusi take fita.

Wannan katangewar ce ma ta sa wasiyyar ta inganta. Da a ce marigayin 'ya'ya mata kaɗai ya bari, jikokin nan na ɗa namiji da sun zama magada, wasiyyar kuma da ta faɗi. Ranar rasuwa ake duba waye magaji, ba ranar da aka rubuta takarda ba.

Kuma tunda bai ce namiji ya fi mace ba, 2,160,000 ɗin raba-daidai za su yi, kowa 1,080,000. Namiji ya ɗauki biyu mace ɗaya hukuncin gado ne, ba na wasiyya ba.

Sani Dillali: To na ji ta sulusi. Amma gidan fa? Bai ce wasiyya ba, cewa ya yi ya riga ya ba shi kyauta. Kyauta ai ba ta da sulusi, mutum yana da rai yana iya bayar da duk abin da ya mallaka. Kuma yaron ƙarami ne, uba ne yake riƙe masa.

Malam Nasiru Gaya: Nan ka zo kusa, Alhaji. Gaskiya ne kyautar mai lafiya ba a auna ta da sulusi, kuma gaskiya ne uba yana riƙe wa ƙaramin ɗansa abin da ya ba shi in ya kafa shaidu. Da gona ce ko saniya, da maganarka ta zauna. Amma malaman Malikiyya sun keɓe gidan da uban yake zaune a ciki. Kyauta ba ta cika sai an karɓe ta a hannu kafin mai bayarwa ya rasu ko ya kwanta ciwon ajali, kuma karɓar gidan zama ita ce uban ya kwashe kayansa ya fita, shaidu su gan shi babu kowa. Mutumin nan a turakarsa ya ci gaba da kwana har ya cika. Kyautar ba ta cika ba, gida ya dawo cikin tarika, shi ya sa na ƙirga shi tun farko.

In kuma wani ya ce a ɗauke ta a matsayin wasiyya, Auta magaji ne, babu wasiyya ga magaji. Ta kowace ƙofa aka shiga ba ta tsaya. Sai dai lafazin yana da tasiri a wani wuri: a mazhaba, in aka yi wasiyya ga magaji da wanda ba magaji ba suka fi ƙarfin sulusi, ana sa ta magajin a cikin lissafin ragewa, sannan abin da ya faɗo mata ya koma gado. Da haka ne, rabon jikoki da masallaci zai ragu sosai. Lissafina na sama na yi shi ne a kan lafazin da Malam Habu ya kawo, na kyauta. Don haka a kai wa alƙali takardar ita kanta ya karanta ajamin da idonsa, kada a dogara da abin da aka kwafo a waya.

Barista Aminu Hadeja: Ina goyon bayan a kai kotu, kuma ba don rigima ba. Akwai marayu ƙanana biyu a magada, akwai jikoki ƙanana, akwai wanda ba ya gari. Rabon da aka yi a zaure ba tare da takardar kotu ba, nan da shekara goma in yaran sun girma wani ya zuga su, dattijon ne zai tsaya yana rantse-rantse, watakila ma shaidun sun rasu. Wasiyya da kyauta da gadon Musulmi duk hurumin kotun shari'a ne, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ma ya lissafa su cikin abin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a take saurara. Ya je da takardar, da shaidun biyu da ƙafarsu, da jerin dukiya, da jerin magada.

Shaidun nan su ne ƙashin bayan takardar. A fiƙihun Malikiyya, ko an tabbatar rubutun hannun mamaci ne, in bai kafa shaida a kai ba kuma bai ce a zartar ba, ba a zartarwa, domin yana iya yiwuwa ya rubuta ne yana shawara da zuciyarsa. A kuma tambaye su ko sun san ya janye wani abu daga baya, tunda mai wasiyya yana da damar warware ta har ranar da zai cika.

Kuɗin banki shi ne zai ja lokaci. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci don an nuna masa takardar ajami. Za su nemi takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta izinin kula da dukiyar mamaci. Kuma sunan da marigayi ya rubuta a fom na makusancinsa ba ya mayar da mutum mai kuɗin, wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kada wani ya ɗauki katin marigayi ya je wurin mai POS yana cira kaɗan-kaɗan da sunan cefane, duk abin da aka cira haka sai an dawo da shi cikin lissafi.

Habu Ringim: To Malam, in an cire wasiyya, su magada nawa-nawa ke nan? Shi ne abin da kowa zai ƙura wa ido ranar.

Malam Nasiru Gaya: In babu ciki, abin rabo 7,200,000 ne. Akwai tumuni, ɗaya cikin takwas, akwai sudusi, ɗaya cikin shida, saboda haka asalin mas'alar 24, wato a kasa dukiyar kaso 24, kowane kaso 300,000.

Matan biyu suna da tumuni saboda akwai 'ya'ya, kaso uku ke nan, 900,000. Tumuni ɗaya suke rabawa, ba kowacce da nata ba, kowacce 450,000, babu bambancin uwargida da amarya ko mai 'ya'ya da yawa. Dubu ɗarin amarya daban take, bashi ce ta riga ta karɓa a sama. Mahaifiya tana da sudusi, kaso huɗu, 1,200,000. Saura kaso 17, wato 5,100,000, na 'ya'ya. Maza uku a bibbiyu shida, mata huɗu, goma ke nan. Kowace mace 510,000, kowane namiji 1,020,000. 'Yan'uwan marigayi ba su da komai, 'ya'ya maza sun katange su.

Dattijon ya shirya wa abu biyu da za su sa a yi gunaguni. Tsohuwa ta fi kowane ɗa samu, kuma za a sami mai cewa "ita da ta kusa, me za ta yi da shi?" Haƙƙinta ne a aya ta 11 ta Nisa'i, in ta rasu kuma nata magadan ne za su ci, wato 'yan'uwan marigayi. Na biyu, kowane jika ya tashi da 1,080,000, ya ɗara ɗan cikin marigayi da 60,000. Wannan ba kuskuren lissafi ba ne, kuma ba dalilin rage musu ba ne. Sulusi nasa ne, ya ajiye shi inda ya ga dama.

Hajiya Rabi Dutse: Lambobin sun yi kyau a takarda, amma a ƙasa ba kuɗi ne a jibge ba. Ku duba abin da zai rage bayan an biya bashi da hatsi da kuɗin banki: gida, gonar tudu, da 'yan canji wajen 600,000 in an haɗa da abin da ya dawo daga shanu da fadama. Mutum goma ne za su shiga gida ɗaya da gona ɗaya. A nan ne ake cin mata. Sai ka ji yayyen sun ce "a bar gandu a haɗe, duk kaka za mu riƙa aiko muku da dami", shekara biyu a aika, ta uku a ce damina ba ta yi kyau ba, shike nan. Ko a ce wa mace ta karɓi kuɗi a kan tsohuwar kima, a biya ta kaɗan-kaɗan har kuɗin ya lalace.

Wasiyyi ya tambayi kowace 'ya da bakinta, ba ta bakin miji ko yaya ba: ƙasa kike so ko kuɗi? In ƙasa ce, a ja igiya a auna, a kafa mata iyaka da dutse ko a dasa cediya ko aduwa a gaban mai unguwa da maƙwabtan gona. Kuma ba tsawon igiya kaɗai ake dubawa ba, gefen da ke kusa da gari mai shan taki ya fi na jigawa daraja, sai a daidaita da kima sannan a jefa ƙuri'a. In kuɗi ne, a faɗi ranar biya a rubuta.

Gidan kuma kada a taɓa shi yanzu. Matan suna takaba wata huɗu da kwana goma, kuma tunda gidan mallakar mijin ne, zama a ɗakunansu haƙƙinsu ne har su fita.

Sani Dillali: To abincinsu fa a wata huɗun nan? Rumbu ɗaya ne kowa yake ci daga ciki, ba za a ce a kulle ba.

Malam Nasiru Gaya: Ba za a kulle ba, amma a auna. Mai takaba tana da wurin zama, ba ta da ciyarwa daga tarika, daga rabonta take ci, haka ma yara. Hanya mai sauƙi: a ware buhunan da za a ci, a rubuta tiya nawa ake fitarwa kullum da bakin mutum nawa, ranar rabo a cire wa kowa nasa. Manya suna iya cewa sun yafe wa juna. Wanda yake Legas bai ci ba, ba za a cire masa ba.

Wannan ta kawo ni kan yafiya, don na san za a ce "a cika wa masallaci da jikoki 400,000 ɗin nan, a bar wa Auta gida, albarkacin marigayi". Yana halatta, amma kyauta ce daga magaji, daga rabonsa shi kaɗai. Sai baligi mai hankali, da yardarsa, bayan ya san adadin abin da yake bari. Misali tsohuwa in ta yarda a cika wasiyyar, abin da zai fita daga hannunta sudusin 400,000 ne, wajen 66,700. Ba wanda zai yafe a madadin Auta ko yarinyar, ko uwarsu, ko wasiyyi. Kuma kada a nemi yafiya a tsakiyar taro, inda mace za ta ji kunyar surukai ta ce "na yafe" tana haɗiye hawaye. A faɗa wa kowa rabonsa, a ba shi kwana biyu, a tambaye shi shi kaɗai.

Jikokin kuma ga mafita: fadama ta fi haƙƙinsu da 240,000. Ko mai kula da su ya biya wannan su riƙe ta duka, ko a yanke kashi ɗaya cikin goma a mayar wa magada.

Ibrahim Kafin Hausa: Shi wasiyyin ba zai iya sayen shanun ba ya huta da kai su kasuwa? Ko ya ce ya gaji a ba wani?

Barista Aminu Hadeja: Duka biyun a'a. Ya nisanci sayen komai daga tarika, ko da ya ƙara kuɗi, domin shi ne mai sayarwa, ba zai zama mai saye ba, kuma alƙali yana da ikon bincikar cinikin. A kai su kasuwar shanu, Wudil ranar Juma'a ko Maigatari ranar Alhamis, da babban ɗan a tsaye, a rubuta kuɗin da aka sayar da la'adar dillali da kuɗin mota. In sun yi ƙasa ko sama da 1,600,000, sai a sake lissafin sulusi, don da kimar ranar zartarwa ake aiki. Kada kuma a bar su suna cin harawa wata biyar a kan kuɗin marayu.

Ajiye aikin kuwa, tunda ya karɓa marigayi yana da rai kuma ya rasu a kan haka, ba ya sauke wa kansa. In ya gaza, alƙali zai je wa ya naɗa wani ko ya haɗa shi da mataimaki. Haka rabon na Legas, ba ya yanke masa shi kaɗai. Ko ya zo, ko ya wakilta wani a gaban shaidu, ko alƙali ya tsaya masa.

Abin da ya fi kama wasiyyai shi ne gaggawa. Ya sa a yi shela a masallacin Juma'a da kasuwar ƙauye cewa mai bin marigayi bashi ya zo da shaidarsa, ya ba da 'yan makonni. In ya san da bashi ya raba dukiya bai biya ba, shi za a kama. Ya kuma bi abin da marigayi yake bin mutane: zubin adashi, dabbar da aka ba kiwo a ruga, gonar da aka ba aro.

Hajiya Rabi Dutse: Aikinsa kuma ba ya ƙarewa ranar rabo in an ba shi kula da yaran. Ya sayi littafi guda, kowane yaro da shafinsa: abin da ya shigo daga gonarsa, abin da aka kashe a makaranta da magani da kayan Sallah. Ba ya sayar da gonar maraya sai da larura bayyananna da sanin alƙali. Ranar da zai miƙa musu, bayan sun balaga an ga sun iya riƙe dukiya, ya kira shaidu kamar yadda aya ta 6 a Nisa'i ta ce. Ana karɓar maganarsa a kan abin da ya ciyar in ya yi kama da gaskiya, amma in ya ce "na ba shi kayansa" yaron ya musa, sai ya kawo shaida.

Habu Ringim: Na karanta masa duka. Ya ce takardar ba ta fayyace ko shi ne mai kula da yaran ba, cewa kawai ta yi "shi zai tsaya a kan bayana". Kawun yaran kuma ya riga ya fara cewa shi ne zai riƙe gonarsu.

Malam Nasiru Gaya: In lafazin a sake yake haka, bai keɓe wani abu ba, a wurina ya haɗa da 'ya'yansa ƙanana, kuma wasiyyin uba yana gaban kawu a kan dukiya. Jikokin ne ban ce ba, domin kaka ba ya naɗa wa 'ya'yan ɗansa wasiyyi, sai ubansu ko alƙali.

Barista Aminu Hadeja: Ni ba zan gina a kan kalma shida ba, Malam, musamman da kawu ya riga ya miƙe. A tambayi shaidun me marigayi ya faɗa da baki a ranar, alƙali ya rubuta wanda ya naɗa wa kowane yaro da sunansa.

Habu Ringim: To. Ya ɗaga taron Juma'ar. Gobe za a aiki yayar marigayi wurin matan, Litinin kuma zai shiga Ringim da takardar da shaidun biyu. Na Legas ya ce a ba shi mako biyu zai taho.